Kwalin magani a ƙasar waje: layuka uku da ya kamata kowane matafiyi ya iya karantawa

Duk wanda ya taɓa kwana da masassara a ƙasar da ba tasa ba ya san yadda abin yake. Jiki ya yi zafi, kai na sarawa, gobe akwai aiki, kuma rana ɗaya da aka fasa fita kuɗi ne suka tafi. Abokan ɗaki sai kowa ya buɗe jakarsa: wannan ya miƙo ƙwayar da ya zo da ita daga gida, wancan ya ba da wadda ya saya a farmasin unguwa, na uku ya ce akwai wani gari da ake damawa a ruwa, shi ne maganin mura. Kwalaye uku, launi uku, suna uku, wani da harafin boko, wani da Larabci. Mai ciwo ya sha duka, yana ganin ya haɗa magunguna uku don su taimaki juna. Sau da yawa magani ɗaya ya sha sau uku.

Wannan magani kuwa shi ne farasitamol, wanda babu gidan da bai san shi ba daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai. Matsayin wannan jarida a kan lamarin a bayyane yake: al'adar sanin magani da sunan kamfani da launin kwali tana jefa 'yan Nijar mazauna waje cikin haɗarin da za a iya kauce masa, kuma maganinta ba ya buƙatar a iya Larabci ko Turkanci ko Italiyanci. Layuka uku ne a jikin kwali, kowane matafiyi yana iya koyon gane su kafin ya hau mota a tashar Agadas ko jirgi a Yamai: sunan sinadari, ƙarfinsa, da ranar lalacewarsa.

Suna ɗaya, riguna da yawa

Kowane magani yana da suna biyu. Na farko shi ne wanda kamfani ya raɗa masa, ana rubuta shi da manyan haruffa don ya ja idon mai saye. Na biyu shi ne sunan sinadarin da ke aiki a jiki, ana rubuta shi da ƙananan haruffa, galibi a ƙarƙashin na farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke tsara wannan suna na biyu tun 1953, don likitan Damagaram da na Istanbul su fahimci juna. A takardun Faransanci ana kiransa DCI.

Sunan kamfani yana canzawa da zarar an ƙetare iyaka. Abin da ɗan Nijar ya sani da Doliprane ko Efferalgan, a Najeriya da Gana da Saudiyya zai same shi da sunan Panadol. A Aljeriya akwai Paralgan, a ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha akwai Adol, a Turkiyya Parol, a Italiya Tachipirina, a Amurka Tylenol. Duka farasitamol ne. Sunan sinadarin kuwa da kyar yake motsawa: paracétamol da Faransanci, paracetamol da Turanci da Jamusanci da Sifaniyanci, parasetamol da Turkanci, paracetamolo da Italiyanci. Inda aka samu bambanci na gaske shi ne Amurka da Kanada, can ana rubuta acetaminophen. Wanda ya tafi can ya haddace wannan kalma guda.

Da Larabci ana rubuta shi باراسيتامول. A nan akwai wata dukiya da yawancin matasan ƙasar nan ke da ita ba tare da sun lura ba. Wanda ya yi makarantar allo, ko bai ji Larabci ba, yana iya haɗa baƙi. Sunayen sinadarai ba fassara su ake yi ba, sautinsu ake rubutawa. Ba, ra, si, ta, mul: wanda ya bi haruffan da yatsa zai ji sunan da ya sani ya fito daga bakinsa. A Aljeriya da Maroko da Tunisiya kwalaye sukan zo da Larabci a gefe ɗaya, Faransanci a ɗaya gefen. A Saudiyya da Masar Larabci da Turanci. Sau da yawa juya kwali kawai ya isa.

Haɗari mafi girma yana cikin magungunan mura, domin su haɗe-haɗe ne, kuma babu abin da ke cikin babban sunansu da zai nuna akwai farasitamol. Ƙunshin Fervex na manya, wanda ake damawa a ruwa, yana ɗauke da miligiram 500 na farasitamol tare da sinadarin tsayar da majina da bitamin C. Panadol Extra farasitamol ne da sinadarin kafeyin. Don a gano abin da ke ciki sai an nemi wurin da aka jera sinadarai, a gefen kwali ko a bayansa. Da Faransanci an rubuta composition ko substance active, da Turanci active ingredient, da Turkanci etkin madde, da Italiyanci principio attivo, da Larabci المادة الفعالة. Duk inda aka ga wannan kalma, abin da ya biyo bayanta shi ne maganin na gaskiya.

Kuma ko sunan kamfani ya yi daidai da wanda aka sani a gida, wannan ba tabbaci ba ne. A farkon 2006 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa suna ɗaya yana iya nufin magunguna daban a ƙasashe daban. Misalin da aka fi ambata shi ne Dilacor: a lokacin, a Amurka sinadarin diltiazem ne na hawan jini, a Sabiya kuma digoxin ne na ciwon zuciya, wanda ƙarin kaɗan a kansa yake zama guba. Mai hawan jini ko ciwon suga da zai tafi aikin Hajji ko ci-rani da sunan kamfani kaɗai a kansa, ya tafi da rabin bayani.

Lissafin yini guda

Don a ga yadda abin ke faruwa, a ɗauki misalin wani magini ɗan shekara 26, mai nauyin kilo 55, da ke aiki a wani gari na arewacin Aljeriya a lokacin sanyi. Misali ne kawai, amma duk wanda ya zauna ɗakin 'yan ci-rani zai gane shi.

Da asuba ya tashi da masassara, abokinsa ya ba shi Doliprane guda. Ba su duba ba, mai miligiram 1000 ne, ba mai 500 da suka saba gani ba. Da hantsi majina ta dame shi, ya dama ƙunshin maganin mura: 500. Da azahar kai ya dawo da sara, ya sha ƙwaya biyu na Paralgan mai 500, domin a ganinsa wannan maganin ciwon kai ne dabam: 1000. Da la'asar wani ƙunshin mura: 500. Bayan magariba Doliprane na biyu: 1000. Kafin barci ƙunshi na uku, da ƙwaya biyu na Panadol Extra da wani maƙwabci ya kawo: 500 da 1000. In aka haɗa, miligiram 5500 ke nan a yini ɗaya, wato giram biyar da rabi.

Ƙa'idar da aka sani ga babban mutum da ya wuce kilo 50 ita ce: kada ya wuce giram 1 a sha ɗaya, a bar aƙalla awa huɗu zuwa shida tsakanin sha da sha, kada ya wuce giram 3 a yini in ba likita ne ya ce ba, kuma giram 4 shi ne iyakar da ba a ƙetarewa ko da izinin likita. Maginin nan ya kusan ninka adadin da ya halatta masa, alhali bai taɓa shan fiye da abin da kowane kwali ya ce ba. Babu laifin ko ɗaya daga cikin magungunan. Laifin na haɗuwarsu ne, kuma babu kwalin da ya san an sha ɗan'uwansa.

Dalilin wannan iyaka yana cikin hanta. Ita ce ke sarrafa farasitamol, kuma a cikin aikin wani ɗan kaso yana juyewa ya zama sinadari mai guba. Hanta tana da ajiyar wani sinadari da ke kashe wannan guba nan take. In an sha daidai, ajiyar tana isa. In an wuce, ko aka jera kwana biyu ko uku ana wucewa, ajiyar ta ƙare, gubar ta soma cin hantar kanta. Ajiyar nan ta fi ƙaranci ga wanda ba ya cin abinci sosai, da mai shan barasa, da wanda jikinsa ya bushe don rashin ruwa, da mai ciwon hanta. Wannan jeri ya yi kama da rayuwar matafiya da yawa: wanda ya ƙetare hamada, wanda ke tsimin abinci don ya aika kuɗi gida. A ƙara da cewa ciwon hanta nau'in B ya yawaita a yankin Afirka ta Yamma, kuma masu ɗauke da shi da dama ba su taɓa yin gwaji ba.

Abin da ya sa wannan guba ta fi ban tsoro shi ne shirunta. A yinin farko mutum yana iya jin tashin zuciya, amai, gumi da kasala, abubuwan da zai ɗora wa murar da ke damunsa, ko kuma kada ya ji komai. A kwana na biyu zuwa na uku ciwo yakan fito a gefen dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Daga kwana na uku zuwa na huɗu ido ya yi rawaya irin na shawara, fitsari ya yi duhu, hankali ya soma rikicewa. Akwai makari, sunansa N-acétylcystéine, ana samunsa a asibitoci, amma ya fi aiki in an ba da shi cikin awa takwas na farko bayan an sha adadi mai yawa. Wanda ya jira sai idonsa ya canza ya bar lokacin da ya fi amfani ya wuce. Don haka duk wanda ya yi lissafi ya ga ya wuce iyaka, ya daina sha, ya kwashi kwalayen duka ya nufi asibiti ko da yana jin garau. A Turai da Turkiyya lambar gaggawa ita ce 112, a Faransa akwai 15, a Saudiyya layin shawarar lafiya 937.

Hukumomin ƙasashen da 'yan Nijar ke zuwa ba su ɗauki wannan da wasa ba. Birtaniya ta taƙaita yawan ƙwayoyin da ke cikin kwali ɗaya tun 1998. Faransa ta wajabta rubuta SURDOSAGE = DANGER a jikin kwalayen farasitamol, kuma tun 15 ga Janairun 2020 ta mayar da shi bayan kanta, sai mai saye ya tambayi ma'aikacin farmasi. A nan gida kuwa har yanzu ana yanke shi a falle, biyu-biyu, a teburin mai shayi da tiren 'yan talla, babu kwali balle takarda. Matashin da ya girma a haka yana fita waje da imanin cewa farasitamol kamar alewa ne.

Ruwan magani na yara: inda lamba ta fi suna

Layi na biyu shi ne ƙarfi, wato lambar da ke gaban suna. Ga manya abin bai da wuya: 500 mg, ko 1000 mg, ko 1 g, wanda shi ne 1000 ɗin. Ga yara kuwa lissafi ya fi tsanani, domin adadin da ake ba yaro nauyinsa yake bi, ba shekarunsa ba: miligiram 15 a kowane kilo, kowace awa shida, sau huɗu a yini shi ne iyaka. Yaro mai kilo 10 yana buƙatar miligiram 150 a sha ɗaya.

Matsalar ita ce kwalaben ba ƙarfinsu ɗaya ba. Siro na Doliprane da iyaye mata suka sani, mai alamar 2,4%, yana da miligiram 120 a cikin mililita 5. Yaron nan mai kilo 10 zai sha mililita 6 da kwata, kuma sirinjin da ke cikin kwalin an yi masa zane da kilo, uwa tana ja har lamba 10 ba tare da lissafi ba. A Birtaniya da Turkiyya akwai siro na manyan yara mai miligiram 250 a mililita 5, ya fi wancan ƙarfi ninki biyu da ɗoriya. A wannan, mililita 3 ne ke ba da miligiram 150. A Italiya da ƙasashen Larabawa da dama akwai kuma na ɗigo na jarirai, cikin 'yar ƙaramar kwalba, mai miligiram 100 a mililita ɗaya tak. A wannan, mililita ɗaya da rabi ya isa.

A ɗauki uwar da ta bi mijinta Jidda ko Napoli, siron da ta zo da shi ya ƙare, amma ta ajiye sirinjin domin ta saba da shi. Miji ya sayo 'yar ƙaramar kwalba a farmasi. Ta karanta sunan sinadari, ta ga farasitamol ne, hankalinta ya kwanta. Ta ja har lamba 10 kamar kullum. Abin da ta ba yaron miligiram 625 ne maimakon 150, ninki huɗu da ɗoriya. In ta maimaita sau huɗu, yaron ya sha miligiram 2500 a yini, alhali iyakarsa 600. Ta karanta layin farko daidai, na biyu ne ya kuɓuce mata.

Darasin a taƙaice yake. Kowace kwalba da nata ma'auni, kuma ba a aro daga wata zuwa wata. Cokalin shayi na gida ba ma'auni ba ne, domin wani ya ɗauki mililita uku, wani bakwai. A jikin kwalba a nemi lambobi biyu da aka raba da layi, kamar 120 mg/5 ml, a lura sosai da ta biyun: in babu lamba a gaban ml, to a mililita ɗaya ake magana, kuma maganin yana iya zama mai ƙarfi ƙwarai. Ƙaramar kwalba galibi ita ce mai ƙarfi. Sannan uwa ta san nauyin ɗanta na wannan watan, ta nuna wa ma'aikacin farmasi lambar a rubuce. Ko ba su jin harshen juna, zai iya zana mata inda za ta tsaya a jikin sirinji.

A Saudiyya da Masar da Sudan akwai wani tarko, na lambobin Larabci. Biyar ana rubuta ta ٥, kamar sifirin boko. Sifiri kuma ɗigo ne kawai, ٠, wanda ido ke iya tsallakewa. Shida ٦ ce, ta yi kama da bakwai ta boko. Saboda haka ٥٠٠ ɗari biyar ne, ١٠٠٠ dubu ne, bambancinsu ya haɗa da ɗigo ɗaya da ba kowa zai ƙirga ba cikin dare da fitilar salula. Lambobin daga hagu zuwa dama ake karanta su, duk da cewa rubutun da ke kewaye da su daga dama yake tafiya. Wanda ya saba duba lambar shafi a Alƙur'ani ya riga ya san su. Sauran kuwa lambobi goma ne, zama ɗaya ya isa a haddace.

Ranar yi da ranar lalacewa

Layi na uku ya fi sauƙi, amma shi ma yana da wurin tuntuɓe. Kwali yakan ɗauki ranaku biyu: ranar da aka yi maganin da ranar da zai daina amfani. Ta biyun ce abin nema. EXP ita ce alamar da ta fi yawa a duniya. Turkiyya tana rubuta SKT, Italiya SCAD, Sifaniya CAD. Ranar yi kuwa MFG ce ko FAB. Da Larabci kalmomin biyu sun yi kama da juna har mai saurin karatu ya ruɗe: الإنتاج ita ce ranar yi, الانتهاء ita ce ranar ƙarewa. Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi ranakun biyu a kwatanta, wadda ta fi nisa a gaba ita ce ta lalacewa. In wata da shekara kaɗai aka rubuta bayan EXP, maganin yana aiki har ƙarshen wannan watan.

Ranar nan kuwa da sharaɗi aka rubuta ta: cewa an ajiye maganin yadda kwali ya ce, galibi ƙasa da digiri 25 ko 30 na zafi. Jakar da ta yi kwanaki a saman mota tsakanin Agadas da Sabha ba ta cika wannan sharaɗi ba. Ƙwayar da ta canza launi ko ta ruɓushe, da siron da ya rabu gida biyu ko warinsa ya sauya, ba a sha, ko kwali ya ce saura shekara.

Abin da za a iya cewa, da amsarsa

Za a ce da yawa daga cikin masu fita ba su yi boko ba, ba su yi allo mai nisa ba, don haka wannan shawara ta 'yan birni ce. Gaskiya ne, amma a kowane ɗaki na 'yan ci-rani akwai aƙalla mutum ɗaya da ke karanta saƙo a waya. Nauyin a kansa yake. Kafin mai ciwo ya sha magani na biyu, a jera kwalayen a tabarma, a nemi ƙaramin suna a kowanne, in an ga kalma ɗaya ta maimaitu a kwali biyu, a ɗauke ɗaya. Wannan ba karatu ba ne, kwatanta zane ne. Wanda zai aika hoto ga wani ɗan'uwa ma'aikacin jinya a gida kuwa, ya ɗauki gaba da baya da gefen kwali. Hoton babban suna kaɗai ba ya gaya wa kowa komai, hoton ƙwaya tsirara balle.

Za a kuma ce marar takardu yana tsoron asibiti, shi ya sa yake jinyar kansa. Wannan tsoro na gaske ne, ba a raina shi ba. Amma ma'aikacin farmasi ba ya tambayar fasfo kafin ya duba kwalaye uku da aka ɗora masa a kanta, kuma nuna masa kwalayen yana isar da tambayar ko babu harshe. In kuma ta kai ga an wuce iyaka, to zaɓin ya zama tsakanin tsoro da hanta, kuma hanta ɗaya ce.

Akwai wani iyaka da karatun kwali ba ya ƙetarewa. Farasitamol yana sauke zafin jiki, ba ya kashe abin da ya kawo shi. Wanda ya baro Nijar cikin 'yan makonni ko watanni, musamman bayan damina, ya yi masassara a Turai ko Aljeriya ko Turkiyya, dole ya sa zazzaɓin cizon sauro a ransa, ya faɗa wa likita daga inda ya fito, domin likitan can ba lallai ya tuna da cutar da ba ya gani ba. Irin wannan masassara gwajin jini take buƙata a ranar, ba ƙarin ƙwaya ba. Ga kowa kuma, masassarar da ta wuce kwana uku ko ciwon da ya wuce kwana biyar ya fi ƙarfin kwali.

Wa ya kamata ya yi me

Nauyi na farko yana kan farmasi da likitocin gida. Mai hawan jini, mai suga, mai asma ko farfaɗiya da ya ce zai yi tafiya, a rubuta masa takardar magani da sunan sinadari da ƙarfinsa da yawan sha a yini, da haruffa masu karantuwa, ya ɗauki hotonta a waya. Minti biyu ne, kuma takardar za ta yi aiki a Makka kamar yadda za ta yi a Marseille.

Na biyu yana kan masu shirya tafiya. Hukumar COHO da kamfanonin jigilar alhazai suna tara maniyyata don bita kowace shekara. Maniyyata da yawa dattawa ne, kuma mura da tari ba sa rabuwa da aikin Hajji. Kwata ɗaya na awa a cikin bitar, da kwalin Panadol da na maganin mura a hannu, a nuna inda ƙaramin suna yake da yadda ٥٠٠ take, abu ne da ba ya cin ko dala. Ƙungiyoyin 'yan Nijar mazauna waje da na ɗalibai a Turkiyya, Maroko, Aljeriya da Masar su ma suna iya tanadar shafi ɗaya da Hausa da Zabarmanci, mai ɗauke da kalmomin ƙasar da suke ciki, a ba duk sabon zuwa.

Na uku yana kan matafiyin kansa. Kada ya zubar da kwali don rage kaya, kada ya zuba ƙwayoyi daban-daban a leda ɗaya, kada ya karɓi falle da aka yanke sunansa. In ya soma shan magani, ya rubuta awa da adadi a waya ko a bayan kwalin, ya riƙa haɗa lissafin yini. Maginin da aka yi misali da shi, da ya yi haka, da azahar zai ga ya kai miligiram 2500, ya san saura masa 500 kacal har wayewar gari.